Tambayoyi da amsoshi kan ramukan sarewa: ina ake huda su, kuma me ya sa sauti yake kaucewa

Waɗannan tambayoyin su ne dai kullum ake maimaita min, musamman samari masu son yin sarewa da hannunsu a nan Jos, wasu 'yan kwaya ne a coci suna son wadda za ta tafi da kibod, wasu kuma sha'awa ce kawai tun suna yara suna jin ta Fulani a bakin daji. Sarewar da nake magana a kai ita ce mai sauƙin nan, bututun gora ko icce da aka rarake, buɗe sama buɗe ƙasa, ana hura ta a gefen baki, ba fito a ciki ba komai. Duk awon da zan bayar a milimita ne, don haka a nemi rula mai kyau.

Wai ramin ne yake yin sautin?

A'a. Sautin a baki ake yin sa, inda iskar da ka hura take tsagewa a kan kaifin gefen bututu. Abin da yake kaɗawa kuma shi ne iskar da ke cikin bututun, tana kai da komo tsakanin baki da wurin farko da ta samu mafita. In duk ramuka a toshe suke, mafitar ita ce gindin sarewa, iskar mai tsawo ce, sauti ya fito da kauri. Ka ɗaga yatsa ɗaya, ka buɗe mata wata ƙofa kusa, kamar ka gajarce sarewar ne ba tare da ka yanke ta ba, sai sauti ya hau. Shikenan aikin rami, gajarce iskar ciki. Shi ya sa ramin da ya fi kusa da baki shi ya fi siririn sauti.

To akwai lissafin da zan bi, ko kowa da sa'arsa?

Akwai, kuma ba mai wuya ba ne:

```
L = v / (2 × f)
```

L tsawon iskar da ke kaɗawa, v gudun sauti a cikin iska, f kuma yawan kaɗawar a daƙiƙa ɗaya, wato lambar nan da manhajar saita gita ta cikin waya take nuna maka da Hz a gefe. Gudun sauti a zafin digiri 20 mita 343 ne a daƙiƙa, amma iskar cikin sarewa numfashinka ya ɗan ɗumama ta, don haka ni da 345 nake aiki. In ka mayar milimita ka raba biyu, lambar da za ka riƙe a kai ita ce 172500. Raba ta da f kawai.

Misali kana son sarewa wadda in an toshe duka za ta ba da G4, wato 392 Hz. 172500 raba 392 ya ba ka 440. Amma don Allah kar ka ɗauko zarto ka yanke 440 tukuna, karanta ta gaba.

Na yanke daidai yadda lissafi ya ce amma sautin ya fito ƙasa, me ya faru?

Saboda iska ba ta tsayawa cak a inda icce ya ƙare. A gindi tana ɗan leƙowa waje kafin ta juya, kusan kashi 3 cikin 10 na faɗin cikin bututun. In faɗin ciki 18 ne, ka ga ƙarin 5 zuwa 6 kenan, wannan ƙarami ne. Babban yana baki. Leɓenka na ƙasa yana rufe wani ɓangare na bakin sarewa, ƙofar da ta rage ƙarama ce, sai iskar ta yi kamar bututun ya fi tsawonsa da santimita biyu, uku, wani lokaci har huɗu. Kuma wannan ƙarin ba wanda zai lissafa maka shi daga nesa, domin ya danganta da leɓenka da yadda kake riƙe sarewar da yadda ka fere bakin.

Don haka aunawa ake yi. Yanke bututun ya fi abin da kake zato tsawo, gyara baki ya zama yana busuwa da kyau, sannan ka busa ka duba waya. A ce tsawonsa 420, waya ta nuna 378 Hz. 172500 raba 378 ya ba da 456. Ka ga icce 420 ne amma iska tana ganin 456, bambanci 36. Cire 6 na gindi, saura 30 na bakinka. Wannan 30 ɗin rubuta shi a takarda, da shi za ka yi duk sauran aikin. Tsawon da kake nema kuma 440 cire 36, wato 404. Ko a nan ma kar ka cire 16 ɗin a yanka ɗaya, cire 10 ka busa, cire 3 ka busa, ƙarshen da samfefa. Icce in ya tafi ya tafi.

Yaya, a yi mana misali ɗaya daga farko har ƙarshe mana

To. Bari mu ci gaba da wannan sarewar, faɗin ciki 18, kaurin jikinta 3, tsawo 404, ramuka huɗu, kowanne faɗinsa 9. Muna son do re mi so la, wato G A B D E, sauti biyar ɗin nan da waƙoƙinmu da yawa suke zama a cikinsu. Do ba ya buƙatar rami, duka a toshe ne.

Re 440 Hz ne, tsawon iska 392. Mi 494, tsawo 349. So 587, tsawo 294. La 659, tsawo 262. Cire 30 na baki a kowanne, sai ka samu 362, 319, 264, 232. Da a ce yanke sarewar za ka yi a waɗannan wuraren, da an kusa gamawa. Amma rami ba yanka ba ne, kuma nan ne yawanci ake faɗuwa.

Ramin 9 a jikin bututun 18, faɗinsa rabi ne amma filinsa kashi ɗaya cikin huɗu ne kacal na filin bututun. Ba duk iskar ce za ta iya fita ta nan ba, wata tana wucewa ƙasa ta nemi rami na gaba ko gindi. Kamar tiyon ban ruwa ne da ya huje a gefe, ruwa na tsartuwa ta hujin amma wani yana ci gaba har ƙarshe. Saboda haka iskar tana ganin kamar sarewar ta ƙare ne a ƙasa da ramin da ɗan nisa, a wannan girman kusan 23 zuwa 27. Maganinsa shi ne ka matsar da ramin sama, wajen baki, da wannan adadin.

In an yi haka, daga gefen baki zuwa tsakiyar kowane rami zai zama kusan haka: re 337, mi 294, so 237, la 209. Lura da tazarar, daga re zuwa mi 43, daga mi zuwa so 57, daga so zuwa la 28. Ba ɗaya ba ce ko kusa. Tsakanin mi da so ta buɗe saboda mun tsallake fa, sauran kuma tana matsewa in ana hawa saboda kowane mataki kaso ne na tsawon da ya rage, ba adadi tsayayye ba. Daga mabuɗin kibod zuwa na kusa da shi kusan kashi 6 cikin 100 ne na tsawo, to kashi 6 na 400 ai ba ɗaya yake da kashi 6 na 260 ba.

Waɗannan lambobin wurin sa alamar fensir ne. Kunne da waya su za su ƙarasa.

Ba ni da bakin huda na 9, na 6 gare ni. Ba komai?

Akwai komai sosai, kuma wannan ce tambayar da na fi so mutane su gane. Wuri da girma tare suke aiki, ba za ka canza ɗaya ka bar ɗaya ba. In ka huda 6 a wurin re ɗin nan na 337, ƙarin da muka ce 25 zai koma 35, sautin zai fito wajen 429 Hz maimakon 440. A allon waya inda aka rubuta cents, wato makin da ke raba tsakanin mabuɗi da mabuɗi gida 100, za ka ga ka sauka fiye da maki 40. Kusan rabin hanya zuwa sautin ƙasa kenan, ko wanda bai san kiɗa ba zai ji wani abu ba daidai ba in kibod na gefe.

In lallai 6 za ka bari, ramin sai ya hau zuwa wajen 324, wato sama da 13. Zai ba da re ɗin, amma muryarsa za ta fi dushewa, ba ƙarfi kamar na babba. Ƙaramin rami a sama da babban rami a ƙasa suna iya ba da sauti ɗaya, abin da ya bambanta shi ne haske da ƙarfin muryar, da kuma yadda za su yi in ka hura da ƙarfi.

Amma fa wannan abin alheri ne gare ka. Tunda ƙaramin rami ƙasa yake fitowa, sai ka fara da ƙarami da gangan. Huda 6 a alamar da aka lissafa wa 9, busa, za ka ji ya yi ƙasa, sai ka riƙa faɗaɗawa da samfefa naɗe a jikin ƙusa ko siririn fayil kana dubawa har allurar manhajar ta zo tsakiya. Wani ramin zai tsaya a 8, wani sai 9 da rabi. Ba laifi ba ne, sarewa mai kyau da wuya ka ga ramukanta girma ɗaya.

Kaurin iccen fa, yana da ruwa a ciki?

Yana da shi. Rami ɗan bututu ne shi ma, tsawonsa shi ne kaurin jikin sarewar. In jikin 5 ne maimakon 3, iskar da ke cikin ramin ta fi yawa, ta fi nauyin motsawa, sauti ya sauka. Shi ya sa awon da ka kwafa daga sarewar bututun roba mai sirantar jiki ba zai zauna a kan gora mai kauri ba. Gora ma ita kanta ba ɗaya take ba daga sama har ƙasa, kusa da gaɓa ta fi kauri kuma cikinta ya fi matsewa, in ba ka rarake gaɓar ta yi sumul ba lissafin nan duk zai karkace. Wanda bai taɓa yi ba ina ba shi shawara ya fara ɓata bututun roba na wayarin tukuna, mai arha ne kuma cikinsa daidai yake, kafin ya je kasuwar Katako neman icce mai kyau.

Wanne rami zan fara hudawa?

Na ƙasa, na kusa da gindi, sannan ka hau ɗaya bayan ɗaya. Dalili shi ne abin da muka faɗa, iskar da ta wuce rami tana dogara da abin da ke ƙasa da shi. Mi yana jingine da re a buɗe, so yana jingine da mi. In ka fara saita na sama sannan ka huda na ƙasa, na saman zai hau ya bar inda ka ajiye shi. Sannan akwai wani ƙaramin abu ta ɗaya ɓangaren, ramin da yatsa ya toshe yana barin ɗan kogo a ciki, yana ƙara wa bututun fili, don haka bayan ka gama duka huɗun za ka iya tarar da do da re sun ɗan sauka kaɗan. Saboda haka zagaye biyu ake yi. Na farko ka bar kowanne ƙasa da kamar maki 10, na biyu ka dawo daga gindi ka ƙarasa.

Na wuce gona da iri, ramin ya hau sama da yadda nake so. Ta lalace kenan?

Ba lallai ba. In maki 10 zuwa 20 ne, samu kakin zuma ka ɗan lika a gefen ramin na wajen baki, ta ciki. Ka rage girman kuma ka tura tsakiyar ramin ƙasa, duka biyun saukar da sauti suke yi. In ya wuce haka sosai, fere ɗan icce ka toshe da gam, bari ya bushe, ka sake huda ƙasa kaɗan. Tabon zai nuna, amma za ta yi kiɗa.

In kuma ƙasa ya yi kuma ramin ya riga ya kai girman da yatsanka zai iya rufewa, kar ka ƙara faɗaɗa saman. Karkata fayil ka ci iccen ta ciki, a gefen da ke kallon baki. Daga waje ramin yana nan yadda yake, daga ciki ya buɗe ya matso sama. Wannan dabarar tana ba da maki masu ɗan dama, sai dai a bi a hankali don cikin ba ka gani.

Don ka san nauyin kuskure, milimita 4 a ramin re kusan maki 15 ne, a ramin la kuma ya haura 20 saboda tsawon da ya rage gajere ne. Ramukan sama su suka fi son natsuwa.

Yatsuna ba sa kaiwa, musamman tsakanin mi da so

A wannan misalin mu 57 ɗin yana faɗowa tsakanin hannu biyu, re da mi na hannun ƙasa, so da la na hannun sama, don haka ba matsala. A doguwar sarewa ne ake shan wuya. Mafita biyu ce. Ta farko ka karkatar da ramin gefe, dama ko hagu, inda yatsa yake faɗawa da kansa. Wannan ba ya taɓa sauti ko kaɗan, iska ba ruwanta da ta wane gefe ramin yake, nisa daga baki kawai ta sani, ko a baya ka sa shi don babban yatsa duk ɗaya ne. Ta biyu ka yi amfani da cinikin nan na wuri da girma, ramin ƙasa ka hau da shi ka ƙanƙanta shi, na sama ka sauko da shi ka faɗaɗa, sai su matso juna.

Wannan rigimar tsakanin yatsa da lissafi tsohuwa ce. Ita ce ta sa Theobald Boehm a Jamus, a 1847, ya yi sarewar ƙarfe mai manyan ramuka a inda lissafi ya ce, ya sa maɓallai su riƙa rufewa tunda yatsu ba za su kai ba. Mu da ba mu da maɓalli sai dai sulhu.

Amma sarewar da na gani a hannun makiyaya ramukanta kusan tazara ɗaya, kuma tana da daɗi

Tana da daɗi mana. Mai ita ba kibod yake bi ba, faɗin yatsunsa ya auna, kuma shi kaɗai yake busawa, ba wanda zai ce masa mi ɗinka ya sauka. Sannan a sarewar da ake hurawa a gefen baki leɓe yana da iko sosai. Ka tuna 30 ɗin nan? In ya ƙara rufe bakin ya koma 40, sauti ya sauka, in ya buɗe ya koma 22 ya hau, ga kuma rufe rabin rami da yatsa. Gwani yana lanƙwasa sauti yadda yake so. Lissafin nan na wanda zai yi kiɗa tare da gita ko kibod ne, ko mai son sarewa biyu su tafi tare. Ni a ganina ma kuskure ne mutum ya ɗauki irin waccan ya ce zai gyara mata ramuka.

Wannan ikon na leɓe kuma shi ne yake yaudarar mai saitawa. Kana kallon waya, ba ka sani ba bakinka yana bin allurar yana gyarawa. Rufe ido ka busa yadda ka saba, sai sautin ya zauna ka buɗe ka duba.

Na saita ta da rana lafiya lau, da asuba duk ta sauka. Ko tsayin Jos ne?

Ba tsayi ba ne. Jos tana sama da mita 1,200, iska ta fi sauƙi, amma gudun sauti bai damu da wannan ba, zafi da sanyi yake bi. Kowane digiri ɗaya yana ƙara kusan 0.6 na mita a daƙiƙa, a sarewa kusan maki 3 kenan. To ka ɗauki asubar Disamba ko Janairu a garin nan da hunturu ya kankama ka gwada da ranar Maris, in iskar ciki ta bambanta da digiri 8 ka ga maki 24 ya tafi. Duk ramukan tare suke sauka, tsakaninsu bai lalace ba, ta haka za ka gane sanyi ne ba huda ba. In rami ɗaya ne ya kauce sauran suna daidai, to wannan ramin ne.

Kafin ka taɓa fayil, busa ta minti biyar ta ɗumama. Wanda ya saita sarewa mai sanyi da sassafe zai faɗaɗa ramuka fiye da kima, rana ta yi ya ga duk ta haye sama. In Abuja za a kai ta kuma a sa ran za ta ɗan hau.

In na hura da ƙarfi sautin yana tsalle sama, amma wasu ramukan ba sa dacewa da na ƙasa

Tsallen nan daidai ne, iskar ta rabu gida biyu, kaɗawa ta ninka, do 392 ya koma 784. A ƙa'ida kowane rami ya kamata ya ninka haka. Inda ake samun matsala yawanci ramukan sama ne, so da la, kuma yawanci in ƙanana ne, domin sauti mai kaɗawa da sauri ya fi wuyar fita ta ƙaramar ƙofa, yana zarcewa ƙasa, sai na saman ya fito ƙasa da ninkin. Shi ya sa nake cewa in yatsanka zai rufe 9, kar ka tsaya a 6. Faɗin ciki ma yana da hannu, namu 18 a kan 404 kusan ɗaya bisa 22 ne, yana busuwa sama da ƙasa. In bututun ya cika faɗi ga tsawonsa, na ƙasa zai yi daɗi amma na sama sai da kokawa. Don haka a zagaye na biyu na saitawa ka riƙa gwada kowane rami sau biyu, a hankali da kuma da ƙarfi, in sun saɓa da maki 20 ka raba, na ƙasa ya hau 10 na sama ya sauka 10, sauran leɓe ya ƙarasa.

Da ƙarfe mai zafi zan huda ko da injin huda?

A gora ƙarfe mai zafi ya fi aminci, ba ya tsaga ta, sai dai ka goge baƙin da ya ƙone kafin ka auna don yana cin ɗan fili. In inji ne, naɗa tef a wurin, sa sanda a ciki ta tare, fara da siririn baki. Ko wanne ka bi, leƙa ciki ka cire ɓurɓushin da ya rataya a bakin ramin, shi kaɗai yana iya dusar da murya ya sa ka zaci wurin ne bai yi ba.